Sifili ya koma O, ɗaya ya koma l: jimilla ta ƙi cika

Mai lissafin shago, Kasuwar Dole: Salamu alaikum. Na ɗauki hoton takardar bashin shagonmu da waya, layi 59, OCR, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, ya juye min ita cikin Excel. Sunaye duk sun fito daidai, amma 10 500 ya zama lO 500, jimilla kuma ta ragu da kusan jikka arba'in. Ina matsalar take?

Ɗan Zengou: Wayarka ce, abokina. Ka goge kyamara, ka ɗauka da rana. Ni haka na yi, ya gyaru.

Malamar kwamfuta: Haske na taimakawa, amma bai isa ba. OCR siffa yake kallo, sannan ya duba maƙwabta. In ya ga "Ousmane", haruffan da ke biye sun gaya masa O ce, domin ya saba da kalmomi. A jerin lambobi kuwa babu kalmar da za ta yi masa shaida. Sifili ya ɗan fi O tsukewa ne kawai, in hoto ƙarami ne ko fotokofi ya yi kauri, wannan ɗan bambancin ya tafi. Haka 1 da l, sanda ce tsaye, ɗan ƙugiyar sama kaɗai ke raba su.

Kuɗinka kuma ba su ɓace ba. Harafi guda in ya shiga gida, Excel ya ɗauki gidan rubutu ne, SOMME mai haɗa jimilla ta tsallake shi shiru. Duba da ido: lamba tana jingina dama, rubutu hagu. Ko ka sa waɗannan, na farko yana ƙirga gidajen da ke da lamba kaɗai, na biyu duk gidan da ba fanko ba:

```
=NB(C2:C60)
=NBVAL(C2:C60)
```

In na farko ya ba ka 55, na biyu 59, gida huɗu ne suka lalace. Gyaransu:

```
=CNUM(SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(C2;"O";"0");"l";"1");" ";""))
```

Kada ka yi wannan a jerin da haruffa ke ciki da gaske, irin lambar mota, sai ka ɓata mai kyau.

Tsohon sakatare, Birni: 'Yata, bari in ƙara miki. Tafiretar da na yi aiki da ita ba ta ma da maɓallin 1. Ƙaramar l muke bugawa a madadinsa, haka aka koya mana. To in tsohuwar takarda ce, na'urar ba ta yi ƙarya ba, l ɗin ce a wurin.

Malamar kwamfuta: Wallahi Baba ban taɓa kawo wannan ba. Mai amfani da manhajar OCR ta Tesseract kuma, ya sikana a 300 dpi, ya yanko jerin lambobin shi kaɗai, ya hana shi haruffa:

```
tesseract jeri.png fita --psm 6 -c tessedit_char_whitelist=0123456789
```

Mai lissafin shago: Malama, na gode. Gida uku ne, na gyara. Amma har yanzu da gibin jikka biyar tsakaninta da jimillar takarda.

Malamar kwamfuta: To wannan wata lamba ce ta rikiɗe zuwa wata lambar, wataƙila 8 ya zama 3. NB ba ya ganin irin wannan. Ɗauko takardar, ku bi layi-layi da yaron shago.