Watannin baya-bayan nan suna nuna 0% a teburin komowar kwastomomi

Salam, 'yan'uwa, na maƙale tun jiya. Ina haɗa tebur a Excel wanda zai nuna kaso nawa na sababbin kwastomomi ke dawowa sayayya kowane wata bayan rajista. Layuka su ne watan rajista, Janairu zuwa Yuni, ginshiƙin B adadin waɗanda suka yi rajista a watan, ginshiƙai daga C kuma wata na 0 zuwa na 5.

A shafin oda, ginshiƙin D yana ɗauke da watan rajista, E tazarar watanni, F kuma 1 ne idan odar farko ce ta mutum a wannan watan, don kada a ƙirga shi sau biyu.

```
=COUNTIFS(Oda!D:D,$A2,Oda!E:E,C$1,Oda!F:F,1)/$B2
```

Rukunin Janairu ya fita daidai: mutum 200, 58 suka dawo a wata na 1, wato 29%. Amma rukunin Mayu yana nuna 0% daga wata na 2, alhali Yuli bai ma kama ba. Siffilin nan ya ja matsakaicin ginshiƙin ƙasa sosai. Na gwada IFERROR, bai yi komai ba, tunda ba kuskure ba ne. AVERAGEIF da ">0" kuma yana zubar har da siffili na gaskiya.

Don Allah, wane sharaɗi zan ƙara wa fomular domin akwatin watan da bai kammala ba ya zauna fayau?