Neman Shawara: An Kawo Mana Jerin Adiresoshin Imel, Shin Mu Aika Musu Da Saƙo?

Malama Rabi, Tudun Wada, Gombe:

Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiya mai tallafa wa masu ciwon sikila, kuma muna shirin taron gwajin jini da neman gudummawa a wata mai zuwa. Wani matashi ya kawo mana adiresoshin imel 4,200 da ya tsinto daga shafukan intanet, yana neman a biya shi. Muna kuma da adireshi 380 na waɗanda suka sa hannu a rajistar taronmu na bara, da 140 na marasa lafiya da iyayensu. Shugabanmu ya ce a haɗa duka a aika musu da saƙo ɗaya, tunda aikin alheri ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina neman shawararku.

Alhaji Garba, Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Malama, ni ban ga abin damuwa ba, domin wanda ya sa adireshinsa a intanet ai ya sa ne don a tuntuɓe shi. Ku dai kula ku zuba adiresoshin a gurbin Bcc, ba To ko Cc ba, don kada wani ya ga adireshin wani.

Injiniya Auwal, Bauchi:

Alhaji ya yi gaskiya kan Bcc, amma da girmamawa, ɓoye adireshi daga idon sauran mutane daban, samun izinin mai adireshin daban. Malamin jami'ar da aka sa imel ɗinsa a shafin sashensa, an sa ne don ɗalibai da abokan bincike su same shi, ba don a zuba shi cikin jerin neman gudummawa ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce yarda sai ta kasance da son ran mutum, kuma a kan abin da aka fayyace masa, ta kuma ce shiru ba yarda ba ne. Idan aka kai ƙara ga hukumar kare bayanai ta ƙasa, ku ne za ku nuna hujjar cewa an yarda, kuma a kan waɗannan 4,200 ba ku da abin nunawa, domin shi kansa matashin bai tambayi kowa ba.

Ko da an ajiye batun doka, jerin zai cutar da ku. Asusun Gmail na kyauta yana da iyakar kimanin mutum 500 a rana, wato sai kun kwana tara kuna aikawa, idan ma ba a dakatar da asusun a hanya ba. Irin wannan jeri cike yake da adiresoshin da suka daina aiki, kuma akwai waɗanda masu yaƙi da saƙonnin banza ke dasawa a shafuka da gangan, don duk wanda ya aika musu a gane tsinto su ya yi. Tun daga Fabrairun 2024 Gmail ya gindaya wa masu aikawa sharaɗin kada ƙorafi ya kai uku cikin dubu. Ku lissafa da kanku: a cikin 4,200, mutum goma sha uku kacal su danna Report spam kun kai gaɓar. Alamar farko ita ce saƙonni su riƙa dawowa da yawa, sannan mambobinku na gaskiya su fara cewa ba su ga sanarwar taro ba, alhali tana kwance a akwatin Spam nasu. Kada ku biya shi, kuma ku goge kwafin da ya ba ku.

Adireshi 140 na marasa lafiya su suka fi ba ni tsoro. Dokar ta sanya bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma kasancewar sunan mutum a wannan jeri kaɗai ya isa ya nuna akwai sikila a gidansa. Sun ba ku adireshin ne don a sanar da su ranar ganin likita ko rabon magani. Sanar da su ranar gwaji ya dace da wannan manufa, amma a aika wa kowa shi kaɗai, kuma kada kalmar sikila ta fito a kan saƙon, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ake amfani da ita. Neman gudummawa kuwa a cire su daga ciki, saboda mai karɓar magani a hannunku ba zai iya ce muku a'a da sakin rai ba.

Maman Khalifa, Pantami:

Ni dai ban san harkar imel sosai ba, amma abin da Injiniya ya faɗa ya taɓa ni. Na taɓa rubuta lambata a wajen wani taron wayar da kai, bayan kwana biyu na wayi gari a cikin zauren WhatsApp na iyayen masu sikila, ba tare da an tambaye ni ba. A cikin zauren akwai matar ƙanin mijina, ta ga lambata, kuma kafin mako ya zagayo dangi sun san halin da ɗiyata take ciki, alhali a lokacin ana maganar aurenta. Waɗanda suka sa ni da niyyar alheri suka yi, sun ba ni haƙuri, amma maganar ta riga ta fita.

Malam Danjuma, Kumo:

Idan matsalar imel ce, ku sayi saƙon tes mai yawa ku tura wa lambobi, ya fi isa ga mutanenmu na karkara.

Barista Hauwa, Gombe:

Malam Danjuma, sauya hanya ba ya sauya hukuncin, domin lambar waya ma bayanin mutum ce, kuma saboda irin wannan damuwa ce hukumar sadarwa ta ware lambar 2442 don mutane su toshe saƙonnin talla. Rediyo da sanarwa a masallatai da majami'u sun fi dacewa da karkara, tunda ba sa buƙatar bayanin kowa.

Malama Rabi, batun 380 ɗin ya rataya ne a kan abin da aka rubuta a saman rajistar. Idan an rubuta cewa za a riƙa sanar da su ayyukan ƙungiya, kuna da hujja. Idan kuwa suna da adireshi da sa hannu ne kawai, don lissafin abinci da kuɗin mota, to ba don wannan suka bayar ba. A ganina za ku iya aika musu da saƙo ɗaya tak, mai tunatar da su inda kuka sami adireshin, yana tambaya ko suna son ci gaba da jin labarinku, babu roƙon kuɗi a ciki. Wanda ya amsa da e ku rubuta sunansa da ranar da ya amsa, wanda ya yi shiru ku cire shi. Kowane saƙo na gaba ya ɗauki hanyar fita mai sauƙi, domin dokar ta ce janye yarda ya zama da sauƙi kamar bayar da ita.

Injiniya Auwal:

Barista, a nan muka ɗan saɓa. Saƙon neman izinin ma ai amfani ne da adireshin a kan abin da ba a karɓe shi dominsa ba, kuma shekara guda ta wuce, da yawa sun manta da taron. Ni da zan bar su, in sa fom mai gurbin amincewa a ƙofar taron bana.

Barista Hauwa:

Sun zo taron da ƙafarsu kuma sun san ƙungiyar, don haka saƙo ɗaya ba zai zo musu da mamaki ba. Ban ce babu ja a ciki ba.

Malama Rabi:

Na gode ƙwarai. Na duba rajistar, babu abin da aka rubuta a samanta sai sunan taro da kwanan wata. Jerin matashin mun mayar masa, na marasa lafiya kuma na cire shi daga wayar shugaba na bar shi a kwamfutar ofis. Batun 380 zan kai wa kwamiti ranar Asabar da ra'ayoyinku biyu.