Matakan da suka gudana lokaci guda, wanne zan fara rubutawa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina rubuta babin hanyar bincike na aikina kan awon pH da danshin ƙasar gona. Malamin da ke duba ni ya dawo mini da sakin layin, ya ce in jera matakan yadda aka yi su, don a rubutuna tankaɗe ya riga shanya zuwa.

Wannan kam na gyara: na shanya ƙasar a inuwa, na daka, na tankaɗe da rariyar milimita 2, na zuba giram 10 cikin tataccen ruwa mililita 25, na motsa, na bar shi minti 30, sannan na auna pH ɗin.

Ga inda na maƙale. A cikin minti 30 ɗin nan na saita na'urar awon da ruwan pH 4 da na pH 7. Idan na sa saitin a farko, kamar yadda na saba gani, ya karantu da daɗi amma ba haka aka yi ba. Idan na sa shi a tsakiya, ya katse zancen ƙasar.

Na danshin ya fi ɗaure kai. Tun ranar farko na gutsuri ɗanyar ƙasa, na auna nauyinta, na sa a tanda a digiri 105 na selshiyos har awa 24, alhali sauran tana can baje a kan takarda. Bin agogo zai sa in riƙa tsalle tsakanin aiki biyu. Shin in raba sakin layin biyu, kowanne da nasa jerin, in faɗi inda suka rabu? Ko hakan ya saɓa wa abin da Malam ya nema?