Dala 600 aka yi ciniki, 200 ta shigo

Nasiru: Jama'a, eskuro ɗin nan, wato ajiyar kuɗin ciniki a hannun dandali har a gama aiki, damfara ce kawai. Mun yi cinikin shafin intanet da wani a kan dala 600, zango uku, 200 kowanne. Na gama duka na tura masa, 200 kaɗai ta shigo, ya ɓace.

Malam Habibu: Nawa ya zuba a ajiya kafin ka fara zango na biyu? Cinikin baki daban, kuɗin da aka ajiye daban. A Upwork, dandalin neman aiki ta intanet, ana zuba kuɗin zango ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da aka zuba kaɗai ake iya yin ƙara a kansa. In na farko kawai ya zuba, 400 ɗin nan ba ta taɓa shiga hannun kowa ba, balle a riƙe maka ita.

Zainab: To ai damfarar ke nan, Malam.

Malam Habibu: Mutumin ne ya cuce shi, Hajiya. Mai ajiya bai ci masa ko sisi ba.

Auwal Rikkos: Cuta, damfara, duk kanwar ja ce. Shi ya sa Fiverr ta fi, kuɗi gaba ɗaya ake biya, kwana 3 sun shigo.

Zainab: Kwana 3 na rufe oda ne in mai saye ya yi shiru. Sai ka ƙara jiran kwana 14 kafin ka cire, bayan sun ɗebe kashi 20 cikin ɗari.

Auwal Rikkos: Ke dai ba ki taɓa son Fiverr ba.

Malam Habibu: Nasiru, ta ina ma ka tura? In ta WhatsApp ne, agogo bai fara ba. A Upwork sai ka danna Submit Work for Payment kwana 14 za su fara ƙirguwa, in ya yi shiru har suka cika kuɗin su fito da kansu. In kuwa ya rufe kwangila ya nemi a mayar masa da abin da ke ajiye, kwana 7 gare ka ka ƙi amincewa ka shigar da ƙara. Ka yi shiru, sun koma masa. Kuma mai sasanci abin da aka rubuta a bayanin zangon da hirarku ta cikin dandali yake dubawa, don haka kada ka goge komai, kada kuma ka zage shi.

Sani: Ni ma bankina na Terminus ya riƙe min dala sati biyu.

Zainab: Sani, wannan ba eskuro ba ne.

Auwal Rikkos, mai kula da zaure: A taƙaice, an yarda damfara ce, kuma a guji aikin zango-zango.

Malam Habibu: Wa ya yarda? Nasiru ma bai faɗi dandalin ba har yanzu.