Bakina yana riga ni, yaya zan yi?

Mai tambaya, Idi-Araba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗinki nake yi, kuma da zarar hira ta yi daɗi sai in riƙa tarar numfashin mutane. Wata kwastoma ta ce "hannun rigar ina son ya zama..." na yi caraf na ce "irin na bara?" Ta ce eh don kunya, ashe dogo take so. Leshin ya tafi a banza. Maigidana ma ya rage ba ni labari. Ku taimaka.

Malamar Islamiyya, Agege: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawanci tsoron mantuwa ne ke tura bakin: magana ta zo miki, kina gudun kada ta ɓace. To ki ba ta wurin zama. A shago littafin awo yana gabanki, ki rubuta kalma ɗaya, "hannu" ko "wuya", ki ci gaba da sauraro. A gida ki lanƙwashe yatsa ɗaya, zai tuna miki.

Sannan shiru iri biyu ne. Mai laluben kalma idonsa yana gefe ko sama, muryarsa a rataye take, har yakan ce "wato..." Wanda ya gama kuwa muryarsa takan sauka, ya dawo da ido kanki. Kwastomarki laluben kalma take yi. Da kin rufe baki kin ja numfashi ɗaya ta hanci, da ta ƙarasa da kanta. In shirun ya yi tsawo ki tambaya, "yaya kike son shi?" Kada ki miƙa mata amsa, mai kunya karɓa za ta yi.

In kin suɓuce, ki tsaya ko a tsakiyar magana ne: "Yi haƙuri, kina cewa hannun..." sai ki yi shiru. Ki fara gwadawa da mutum ɗaya, maigida bayan Isha'i.

Ɗan kasuwa, Mile 12: Hajiya, Legas ce ta koya mana. Wajen cinikin tumatir ko a cikin danfo, in kika jira a gama an bar ki a baya. Ki dai riƙa cewa "ba katse miki hanzari ba", shi ke nan.

Malamar Islamiyya: Alhaji, a kasuwa haka ne. Amma wannan kalmar in ta yawaita a hira ɗaya, katsewar tana nan, an dai sa mata riga.

Wata uwargida, Obalende: Nawa mijin ma haka yake, ba ya barina in kai aya. Ki yi haƙuri da shi, Allah ya shirya mana su.

Mai tambaya: Anti, ni ce mai katsewar ba shi ba. Na gode Malama, yau na gwada littafin awo da mutum biyu, ya yi. A waya ne na kasa. Da Innata muka yi magana, ba na ganin idonta, ga netwok yana jinkirta murya, sau uku muna haɗa baki. Wa ke da dabara?