Makin jarrabawar mako-mako: ina gurbinsa a rahoto?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kwalejin ilimi ne, ina koyon koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma sau biyu mai duba aikina yana dawo mini da rahoton auna fahimta na farko da na rubuta.

A kwaleji an koya mana cewa awo iri biyu ne: wanda ake yi ana cikin koyarwa domin a gano inda ɗalibi ya makale a gyara, da na ƙarshen zango wanda ke yanke sakamako. To, na yi wa ɗalibaina gajerun jarrabawoyi uku a lissafi. Ta farko ta nuna mini cewa da yawansu suna haɗa ½ da ⅓ su sami ⅖, sai na sake darasin, kuma ta biyu ta yi kyau.

Da farko na sa su a awon gyara, malamin ya ja jan layi, ya ce makinsu yana cikin 40 da ake haɗawa da 60 na jarrabawar ƙarshe. Da na mayar da su awon ƙarshe, ya tambaye ni ina shaidar gyaran da na yi. Gaskiya abin ya dame ni, domin ranar Litinin zan miƙa.

Don Allah malamai, jarrabawar da aka gyara darasi da ita, kuma makinta ya shiga sakamako, a wane sashe ake rubuta ta?