Likita ya rubuta wa Mama mofin, gida ya rabu biyu: wa ya taɓa shiga irin wannan hali?

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu na fama da kansar mama, kuma hoton da aka yi na ƙarshe ya nuna ta shiga ƙashin baya. Farasitamol ya daina taɓa ta, tiramadol ma ya yi aiki na ɗan lokaci ya sare. Da dare sai ka ji tana cije baki don kada ta tashe mu. Yanzu likita ya rubuta mata mofin na ruwa, miligiram 5 duk bayan awa huɗu. Babban yayanmu ya ce ba da yawunsa ba, wai ƙwaya ce irin ta 'yan shaye-shaye, ba zai bari a mayar da uwarmu haka da tsufanta ba. Ni kuma kukanta nake ji. Don Allah wanda ya yi jinya da wannan magani, ko ya sha da kansa, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi jinyar mahaifina, kansar mafitsara ce ta kai ƙashi. Mu ma mun ja ƙafa kafin mu yarda, a tunaninmu mofin maganin wanda aka cire rai da shi ne. Da ya fara sha, a kwanakin farko barci ya yi ta yi, har da tashin zuciya, muka ce shi ke nan an gama da shi. Kafin mako ya zagayo barcin ya ragu, ya koma zama a kujera, yana sallah a zaune, yana faɗa da jikoki. Ban taɓa ganin ya nemi maganin don marmari ba. Mu ne ma ke tuna masa lokaci. Abin da ya wahalar da mu shi ne taurin bayan gida, wannan kam bai sake shi ba har ƙarshe.

Malam Mai Nazari:
Ki gaya wa yayanku ya kwantar da hankalinsa. Wanda ke da ciwo na gaske ba ya kamuwa da jarabar magani, ciwon ne ke cinye shi gaba ɗaya. Masu lafiya ne kawai ke kamuwa.

Sista Mai Jinya:
Malam, rabin maganarka gaskiya ce, amma bar ni in gyara ɗaya rabin. Na daɗe ina aiki da masu ciwon da ya yi nisa. Gaskiya ne mai kansa da ke shan mofin ta baki, a kan lokaci, da sa idon likita, ba kasafai yake kamuwa ba. Amma "ba kasafai ba" daban, "ba ya yiwuwa" daban. Wurin da maganin ke kamawa a ƙwaƙwalwa da laka ya rage isar saƙon ciwo, irinsa ne kuma ke nan a sashen da ke sa mutum jin daɗi da sakewa. Ciwo ba ya kashe wannan sashen.

Auta, abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya, shi ya sa gidaje ke rikicewa. Akwai ƙarin adadi: bayan wani lokaci abin da ake ba Mama zai iya kasa, a ƙara. A masu kansa yawanci cutar ce ta ci gaba, wani lokacin kuma jiki ne ya saba. Akwai kuma sabawar jiki da maganin: duk wanda ya sha mofin kullum na wasu makonni, ko waliyyi ne, in aka tsayar masa rana ɗaya zai yi ta hamma, hanci na zuba, gumi, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki da gudawa. Wannan ba jaraba ba ce, shi ya sa in za a daina a hankali ake ragewa. Jaraba ita ce lokacin da maganin ya karɓe ragamar mutum: yana sha ba don ciwo ba, yana ɓoyewa, yana ƙarya, yana ganin illa a rayuwarsa amma ya kasa bari. Abu na uku, wato jaraba, shi yayanku yake tsoro, amma na farko da na biyu zai gani ya ɗauka shi ne, don haka gara ki yi masa bayani tun yanzu.

Kuma ba likitanku ne ya ƙirƙiro tsarin ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin ciwon kansa: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau kodin ko tiramadol, in ciwo ya fi ƙarfinsu a hau mofin. Mama ta taka matakan ne ɗaya bayan ɗaya.

Autar Mama:
Na gode Sista. Abin da ban gane ba, me ya sa sai duk awa huɗu ko da ba ta jin ciwo a lokacin? Yaya ya ce ko da za a ba ta, sai in ciwon ya tashi sosai, don kada ta saba.

Sista Mai Jinya:
Wannan dabarar tasa ita ce ta fi cutarwa, duk da niyyarsa mai kyau ce. Mofin na ruwa aikinsa kamar awa huɗu ne. In kika jira ciwo ya dawo da ƙarfinsa, sai an ba da mai yawa kafin ya kwanta, kuma mara lafiya ya koyi zaman jiran agogo cikin fargaba, yana roƙo. Daga nan sai 'yan gida su ce ga shi ta kamu, alhali ciwo ne ba a kashe ba. Bambancin a fili yake: wanda ciwo ke sa shi roƙo, da an daidaita masa adadi sai ya daina maganar magani, ya koma hirar duniya.

Ga yadda lissafin yake tafiya, don ki fahimci abin da likita zai yi, ba don ki yi da kanki ba. Miligiram 5 sau shida a yini ya zama 30. Yawanci akan ba da izinin ƙarin kashi in ciwo ya ɓullo a tsakani, kamar ɗaya bisa shida na jimillar yini, wato 5 a nan. A ce Mama tana buƙatar ƙarin sau uku kullum, ya zama 15. Likita zai haɗa 30 da 15 ya sami 45, ya raba shida, ya mayar da kowane kashi 7.5. Don haka ki sami littafi, ki riƙa rubuta lokaci da adadi da ƙarin da aka ba ta. Ki auna da sirinji, kada ki yi da cokali, kuma ki duba kwalbar ki ga miligiram nawa ne a cikin kowane mililita, don ƙarfinsu ya bambanta. In an daidaita, ana iya mayar da ita kan ƙwayar da ke aiki awa 12. Ita wannan ba a daka ta, ba a tauna ta, in an yi haka maganin awa 12 zai shiga jini lokaci guda.

Maganar Baban Yara kuma gaskiya ce, ki nemi a rubuta mata maganin sassauta ciki tun ranar farko.

Ɗan Tsoho:
To Sista, mahaifina gwiwoyinsa sun hana shi sakat shekara da shekaru, sanyin ƙashi. Wannan mofin ɗin zai yi masa? A ina ake samu?

Sista Mai Jinya:
A'a ɗan'uwa, nasa daban ne. Ciwon gwiwa na shekaru ba kasafai irin waɗannan magunguna ke amfanarsa na dogon lokaci ba, illar ce ke taruwa, ga jiri da faɗuwa ga tsoho. Ka kai shi a duba gwiwar.

Wanda Ya Tsira:
Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, don kada a tafi da cewa tsoron yayanku shirme ne. Hatsari na yi, cinyata ta karye, aka sallame ni da tiramadol. Ƙashi ya haɗe, ciwo ya tafi, amma na lura in na sha damuwa tana sauka, aiki yana yi mini sauƙi. Ranar da na fara sha don ɓacin rai, ba don ƙafa ba, ita ce ranar da abin ya juya, ko da yake a lokacin ban gane ba. Takardar likita ta ƙare na koma saya da kaina. An ce kada a wuce miligiram 400 a yini, ni na wuce nesa, har na faɗi ina jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ban iya bari da kaina ba, sai da aka riƙa rage mini a asibiti. Likita bai yi laifi da ya ba ni ba, ciwon karaya ba wasa ba ne. Sai dai babu wanda ya ce mini ga ranar da za ka daina, ni ma ban tambaya ba.

Abu ɗaya da zan ƙara: wanda ya daina, jikinsa ya manta sabon. In ya koma ya sha adadin da yake sha a da, zai iya kashe shi. Na rasa aboki ta haka.

Mai Sikila:
Mu namu ya fi rikitarwa. In ciwon ya tashi ji nake kamar ana sara ƙashina, amma na sha zuwa asibiti a dube ni a ce ƙwaya na zo nema, saboda na san sunan maganin da ke yi mini aiki. A gefe guda kuma na san 'yan'uwana masu sikila da suka koyi yi wa kansu allurar fenta, wato fentazosin, wani maganin ciwo dangin mofin, a gida, cinyoyinsu suka taurare, suka yi gyambo. Wace ce ta fara jawo wata, wulaƙancin ne ya tura su yi da kansu, ko su ne suka jawo mana zargin? Har yau ban da amsa. Sista, kada ki ji haushi, amma wasu abokan aikinki ba sa saurare.

Sista Mai Jinya:
Ban ji haushi ba ƙanwata, na gani da idona. Allura ta fi saurin kai wa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ta fi jan mutum, shi ya sa kuma muke son a sha ta baki muddin zai yiwu. Amma wannan ba hujjar barin mutum yana birgima ba ce.

Hajiya Babba:
'Yata Auta, ni ba Mama nake ji wa tsoro ba, gidan nake ji wa. Lokacin jinyar maigidana kwalba ta riƙa ƙarewa kafin lokaci, muka yi ta zargin mara lafiya, ashe wani yaro ne cikin dangi. Ki kulle maganin, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. In ya rage, ki mayar inda aka ba ku, kada ki ajiye don wata rana, kada kuma ki sammar wa kowa don tausayi.

Sista Mai Jinya:
Hajiya ta faɗi abin da na manta. Saura alamar haɗari, Auta. Barcin kwanakin farko ba komai, muddin in kin kira ta tana farkawa ta amsa. In kuwa ta ƙi tashi, numfashi ya yi ƙasa sosai, kamar sau takwas a minti ko ƙasa da haka, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, kada ki ƙara ba ta, ku tafi asibiti nan take. Akwai allurar nalokson da ke warware shi. Kada a haɗa mata da maganin barci irin diyazifam sai likita ya sani, kuma in tana da matsalar ƙoda ki faɗa masa, don mofin na taruwa a jikin mai ciwon ƙoda.

Autar Mama:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya duka. Ya yarda a fara, da sharaɗin mabuɗin yana hannunsa kuma shi zai riƙa rubutawa a littafin, ni ko a jikina. Likita ya ce za a yi mata gashin ƙashin bayan, wato a haska wurin da na'urar ƙona kansa, wai ciwon na iya raguwa har a rage maganin. Akwai wanda aka rage wa bayan gashi? Yaya jikin ya yi a lokacin?